Giram 39 na sukarin madara a kofi ɗaya: lamarin wani saurayi da kumburin ciki a Aboabo

Ɗan yayana ne, shekararsa 24, tela ne a Aboabo cikin Kumasi. Siriri ne tun yana yaro, abin kuma yana damunsa. Da ya fara zuwa wurin ɗaga ƙarfe da yamma, abokansa suka ce masa ƙarfe kaɗai ba ya sa jiki, sai da haɗin madara, wanda samari ke kira shek. Ya sayi bilenda ta hannu a Kejetia, ya ɗora wa kansa kofi babba kowace safiya bayan asuba, kafin ya buɗe shago.

Sai da ya yi kusan wata biyu yana shan wahala kafin maganar ta iso gare ni. Uwarsa ce ta tare ni bayan wani suna, ta ce, "Ke da kike aikin jinya, ki duba mana ɗanki mana. An ce olsa ce, an ce tsutsar ciki ce, ya sha magani har ya gaji, cikin nan bai daina kumburi ba." Washegari na je shagon da hantsi. Na same shi zaune a kan keken ɗinki ya kwance maɓallin wando, cikin ya yi tauri kamar ganga, yana ƙugi har ina ji daga inda nake zaune. Ya ce, "Gwaggo, kunya ce ta hana ni faɗa miki. Iska ce ke damuna. In mai kaya ya shigo sai in fita waje kamar zan amsa waya. Sallar azahar ma sai na sake alwala sau biyu."

Tambayar da na fara yi masa ita ce lokaci: yaushe yake farawa, yaushe yake lafawa? Ya ce yana shan haɗin wajen ƙarfe shida da rabi. Kafin takwas ƙugi ya fara, sai murɗa a ƙasan cibiya, sai zawo mai ruwa da kumfa sau ɗaya ko biyu kafin azahar. Da la'asar ya sake. Da dare yana barci lafiya, ciki ba ya tashe shi. Ba jini a bayan gida, ba zazzaɓi, ba amai, bai rame fiye da yadda yake ba. Ranar Juma'a, da ba ya yin haɗin saboda yana karyawa da koko da ƙosai a gidan mahaifinsa, lafiya lau yake wuni. Shi da kansa bai taɓa lura da wannan ba sai da na tambaya.

Wannan tsari ya riga ya nuna hanya. Ciwon olsa yana zama a sama, a ƙahon zuci, zafi ne ko raɗaɗi, ba ya kuma zuwa da zawo mai kumfa. Tsutsar ciki ba ta san ranar Juma'a ba. Abin da ke farawa tsakanin rabin awa da awa biyu bayan an sha madara, ya tafi in an bar ta, sunansa na farko da ya kamata a kawo shi ne rashin narkar da sukarin madara.

Da na faɗa masa bai yarda ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. "Gwaggo, ni da na tashi da shayi da madara? Burkina, haɗin nan na nono da gero, nake sha kusan kullum, fura da nono ma haka. Da madara ce ai da tuni ta kama ni." Nan ne inda mutane da yawa ke ɓata, har da mu ma'aikatan lafiya wani lokaci. Ana ɗauka ko dai mutum yana shan madara ko ba ya sha. Alhali maganar ta yawa ce: nawa ya shiga ciki a lokaci ɗaya, kuma a kan me ya sauka.

Na ce ya haɗa a gabana yadda ya saba. Ya ɗebo madarar gari cokali shida manya, kowanne da tozo. Ya fasa gwangwanin madarar ruwa ƙarami ya juye duka. Ayaba biyu, ots ɗanye rabin kofi, tunkuzar gyaɗa mai laushi cokali biyu, ruwan sanyi. Ya kunna bilenda har kumfa ta cika baki, ya ce a tsaye yake shanyewa, cikin minti biyu.

Muka zauna da biro da bayan takardar awo. A madarar saniya akwai sukari na halitta da ake kira laktos, kusan giram 5 a kowane mililita 100. Kofin madara na mililita 250 yana ɗauke da wajen giram 12. Madarar gari kuwa madara ce da aka ƙafe ruwanta, sukarin ya tattaru: a mai maiƙo laktos ya kai kashi 38 cikin 100 na nauyinta, a wadda aka cire wa mai yana kaiwa rabi. Cokalinsa mai tozo yana ɗaukar kamar giram 10, shida sun zama giram 60, laktos ɗin ciki kusan giram 23. Madarar gwangwani an rage mata fiye da rabin ruwa, don haka sukarinta ya ninka na madarar da aka tatso, kusan giram 10 a kowane giram 100. Gwangwaninsa na giram 160 ya ba da 16. Jimla giram 39. Wato kofi uku na madara da ɗoriya, a tashi ɗaya, a cikin da babu komai tun daren jiya.

Shayin da yake kafa hujja da shi fa? Cokali biyu na madarar gwangwani, laktos giram 3 ko ƙasa, kuma da burodi yake sha. Tsakanin 3 da 39 akwai tafiya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Laktos ba ya shiga jini yadda yake. Sai an raba shi gida biyu, gulukos da galaktos, kuma mai wannan aiki wani sinadarin narkarwa ne, laktes, wanda ke zaune a fatar bangon ƙaramin hanji. Jariri yana da shi da yawa, don nono ne abincinsa. Bayan yaye, a jikin yawancin 'yan Adam, yana raguwa sannu a hankali har ya rage kaɗan. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. Ba cuta ba ce, shi ne ma yadda aka fi yawa. Waɗanda suka riƙe shi har girma su ne zuriyar mutanen da suka daɗe suna kiwo da shan madara, kamar mutanen arewacin Turai da Fulani. Binciken da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi, yawancin Yarbawa kuwa ba sa yi. A zango irin namu, inda aure ya cakuɗa Bahaushe da Bafulatani da Bamoshe da Badagombe, a gida ɗaya za ka ga wa yana kwankwaɗar madara lafiya, ƙanensa kofi ɗaya ya ɗaure masa ciki.

Laktos ɗin da ya fi ƙarfin ɗan laktes da ke akwai yana wucewa zuwa babban hanji. A hanya yana jawo ruwa zuwa cikin hanjin, shi ne zawon. Da ya isa, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far masa, su ruɓar da shi kamar yadda ƙullu ke tashi, su fitar da iska da tsami. Iskar ce kumburin da ƙugin, ita ce kumfar da ke cikin zawon. Shi ya sa abin ba ya farawa nan take, sai ya yi tafiyarsa ya kai ƙasa. Shi ya sa kuma shan abu mai ruwa a cikin da babu abinci ya fi muni: ba abin da zai riƙe shi a tumbi, sai ya kwarara hanji gaba ɗaya. Abin da ya kamata a kwantar da hankali a kai shi ne wannan wahala ba ta yi wa hanji rauni. Tana da zafi da kunya, amma in sukarin ya fita ta wuce.

Lissafi a takarda ba tabbaci ba ne, domin haɗin nasa yana da wasu abubuwan da su ma suna kumbura ciki. Akwai awon numfashi da ake yi: a ba mutum laktos da aka auna, a riƙa gwada iskar haidurojin a numfashinsa na kusan awa uku. Ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma ga mutum irinsa, da ba shi da wata alamar haɗari, gwajin gida ya isa in an yi shi da tsari. Na ba shi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya ci, ƙarfe nawa, da abin da ya ji.

Mako biyu na farko: ba madara kowace iri, har ta shayi, har burkina, har askirim. Sauran abincinsa kada ya taɓa, domin in ka canza abu biyar a tare ba za ka san wanne ne mai laifi ba. A rana ta uku zawo ya tsaya. Ƙarshen makon farko ya ce ya yi azahar da la'asar da alwala ɗaya.

Daga nan muka fara mayarwa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kwana biyu tsakanin kowane gwaji. Na farko, haɗinsa cif yadda yake, amma da ruwa zalla a madadin madara. Ba zawo, ba murɗa, sai dai ya ce cikin ya ɗan yi nauyi da gyatsa na kamar awa ɗaya. Na riƙe wannan a rai, zan dawo kansa. Na biyu, madarar gari cokali uku a ruwa, kusan giram 12 na laktos, ita kaɗai da sassafe. Ƙugi da iska suka dawo bayan awa ɗaya da rabi, amma ba zawo. Na uku, wannan adadin dai, amma bayan ya ci wake da shinkafa da ƙwai. Ɗan ƙugi kawai, wanda ya ce da ba ya saurare ba ma zai lura ba. Na huɗu, cokali ɗaya da rabi tare da abinci: babu komai. Ban sa shi ya maimaita giram 39 ba. Ya riga ya yi wannan gwajin kusan sau hamsin.

Abin da ya fito ya yi daidai da abin da aka sani: yawancin masu wannan matsala suna ɗaukar kusan giram 12 a lokaci ɗaya ba tare da wahala sosai ba, musamman tare da abinci, kuma suna iya fin haka a wuni in an rarraba. Iyakar kowa daban ce, sai mutum ya nemo tasa. Tasa ita ce rabin kofi a kowane hali, kofi ɗaya in akwai abinci a ciki.

Wannan nauyi da gyatsa da suka rage ba na madara ba ne. Bilenda tana cusa iska a cikin haɗin, kumfar nan duk iska ce, shi kuma yana haɗiye ta da sauri a tsaye. Ga ɗanyen ots da bai jiƙa ba. Muka gyara: ya jiƙa ots tun dare ko ya ɗan dafa, ya bar haɗin ya huce minti biyar kumfa ta kwanta, ya zauna ya sha cikin minti goma sha biyar. Ayaba ta koma ɗaya. Da wannan sauran kumburin ya tafi.

Yanzu sai tambayar da ta fi damunsa: "To Gwaggo, da me zan haɗa? Ni fa jiki nake nema." A nan na fi daɗewa da shi, domin in ka hana mutum abu ba ka ba shi madadi ba, zai koma.

Na fara da abin da ya riga ya sani. Burkina da nonon fura ba su dame shi ba saboda dalili. Ƙwayoyin da ke tsamar da madara suna cinye wani kaso na laktos, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sannan in suna da rai suna shiga hanji da nasu sinadarin su taya narkar da sauran. Kaurinsa da geron da ke ciki kuma suna sa ya sauka a hankali. Don haka yogot marar sukari ko kindirmo mai tsami ya zama tushen haɗinsa, rabin kofi zuwa kofi. Sai dai akwai tarko. Wasu masu sayar da burkina da fura suna ƙara madarar gari ko ta gwangwani a kai bayan ya yi tsami, don ya yi gardi. Wannan ƙarin ɗanyen laktos ne, ba abin da ya taɓa shi. Na ce in ya je wurin mai fura ya ce, "Hajiya, kada a sa mini ta gwangwani." Haka nan madarar da aka cire mata man saniya aka sa man itace, wadda ta fi araha a kasuwa: mai aka canza, sukarin yana nan. Madarar akuya ma tana da laktos kusan kamar ta saniya. Tafasa madara kuma ba ta rage shi.

Sai kunun aya, wanda Asantawa ke kira madarar atadwe. Babu laktos a cikinsa ko kaɗan. Na koya masa yadda nake yi: busasshiyar aya kofi ɗaya, a tsince tsakuwa, a wanke, a jiƙa kwana ɗaya ana canza ruwan. A niƙa da ruwan sha mai tsabta kofi uku, dabino huɗu, ɗan yankin kwakwa da citta, a tace da kyalle mai laushi. Yana da daɗi a haɗi, yana da ƙarfi. Amma yana da aibi biyu da dole a faɗa. Yana lalacewa da wuri, a zafin Kumasi cikin 'yan awanni, kuma in wuta ta ɗauke cikin dare kada a amince da wanda ya kwana a firij. Kunun aya da ya fara tsami zai kawo zawon da ya fi na madara. Na biyu, furotin ɗinsa da kalsiyam kaɗan ne. Ba ya maye gurbin madara wajen gina jiki, ruwan haɗi ne kawai.

Madarar waken suya ita ce ta fi kusa da ta saniya a furotin, kuma a nan muka yi tuntuɓe. Ya sayi ta gida a leda, ya sha kofi babba, iska ta dawo. Ya kira ni a waya ransa a ɓace: "Gwaggo, ashe ba madarar ba ce." Na ce ya duba littafinsa: akwai zawo? Babu. Wake yana da nasa sukarin da ba wanda ke narkar da shi, shi ne iskar da kowa ya sani bayan cin wake. A jiƙa shi dare ɗaya, a zubar da ruwan jiƙon, a cire ɓawo, a tafasa madarar sosai kamar minti ashirin, a fara da rabin kofi. Da haka ya iya sha, amma bai so ɗanɗanonta ba, ya bari.

Akwai madarar da aka riga aka zuba wa laktes a masana'anta, ana samunta a manyan kantuna. Madara ce sak, da furotin da kalsiyam ɗinta, sai dai ta fi zaƙi kaɗan domin an riga an raba sukarin. Akwai kuma ƙwayar laktes da wasu kemis ke sayarwa, wadda ake haɗiya tare da kurɓar farko. In aka sha bayan ciki ya kumbura ba ta da amfani, domin laktos ya riga ya wuce inda za ta same shi. Dukansu suna aiki, amma ga tela mai ɗan ƙaramin shago tsadarsu ba ta kullum ba ce. Na ce ya ajiye ƙwayar don ranar biki. Na kuma ja masa kunne a kan garin ƙara jiki da ake sayar wa masu ɗaga ƙarfe a manyan robobi: yawancinsa daga ruwan cuku da madarar gari ake yi, wani kuma da zaƙin sobitol, wanda shi kaɗai ma yana sa zawo da iska.

Abin da na fi tsoro a irin wannan lamari shi ne mutum ya tsorata ya yanke duk wani abu na madara har abada ba tare da ya cike gurbin ba. Babba yana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1000 a rana, kofin madara yana ba da wajen 300. Don haka muka sa wagashi, wato cukun nono, soyayye a abincinsa, tunda an tsane masa ruwan da yawancin laktos ke tafiya a ciki. Muka sa ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, da sadin na gwangwani, da miyar kuka da zogale da riɗi. Furotin kuma ya koma inda ya fi araha: ƙwai biyu dafaffu suna ba da kusan giram 12, tunkuzar gyaɗa cokali biyu wajen giram 7.

Dole in faɗi inda wannan gwajin gida ba ya shiga. Da ya ce mini yana ganin jini ko baƙin bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko zawo na tashe shi cikin dare, ko zazzaɓi da amai, ko kuma kumburin bai tafi ba bayan mako biyu ba madara, da asibiti zan kai shi a ranar, a duba bayan gida da jini. Haka in mutum ya haura 50 kuma yanayin bayan gidansa ya canza kwatsam. Wanda madara ke sa wa ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko toshewar numfashi, nasa daban ne: jikinsa ne ke faɗa da furotin ɗin madara, ko ɗigo na iya zama haɗari, kuma madarar da aka cire wa laktos ba ta tsare shi. Kada a yi masa gwajin mayarwa a gida. Jarirai ma ba a yanke musu nono a kan zato. Akwai kuma wanda da yana shan madara lafiya, sai bayan wata guguwar amai da gudawa ta daina karɓarsa. Wannan bangon hanji ne ya ɗan goge, laktes ya tafi da shi, kuma yawanci yana dawowa cikin 'yan makonni in hanjin ya warke. Na ɗan yayana ba wannan ba ne. Nasa na gado ne, yana nan tun tuni, bai taɓa shan abin da ya kai ya fito da shi ba sai da bilenda ta shigo gidan.

Haɗinsa na yanzu: kunun aya kofi ɗaya, yogot marar sukari rabin kofi, ayaba ɗaya, jiƙaƙƙen ots cokali uku, tunkuza cokali biyu. Laktos ɗin ciki bai wuce giram 5 ba. Yana sha ne bayan ya ci ƙwai da burodi, a zaune. Shayinsa da madara ya koma yadda yake, burkina ma yana sha da rana. Wata uku bayan haka na kai masa atamfa ya ɗinka mini, na tarar da ƙaninsa ɗan shekara 17 a shagon yana zuba madarar gari a bilendar. Yayan ya riƙe masa hannu a cokali na biyu, ya jawo tsohon littafin nan daga ƙarƙashin keke, ya ce, "Fara da wannan, ka rubuta ƙarfe nawa ka sha."